Yadda ake lissafin bakan balan-balan da bangon hoto na walimar yara, da abin da ke riƙe su

"Assalamu alaikum. Ina shirya wa yara kusan talatin walimar hutu, kuma ina so in yi ƙofar balan-balan a mashiga da wurin ɗaukar hoto da kaina. Bara na gwada, tun kafin baƙi su iso abin ya karkace, wasu suka faffashe, wasu suka yi laushi. Guda nawa zan saya, wane girma, kuma da me ake tsayar da shi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abubuwa ukun nan da suka same ki kowanne da dalilinsa daban. Fashewa daga cika iska take zuwa. Karkacewa daga rashin daidaita girma ne, ko kuma gindin da bai da nauyi. Laushi kuwa, in dai ba ƙullin ne ya yi sako-sako ba, galibi alama ce ta cewa an yi amfani da iskar hiliyom, mai sa balan-balan tashi sama, a aikin da bai buƙace ta ba. Zan ɗauki baka ɗaya, wato lanƙwasasshiyar ƙofar balan-balan, mu yi lissafinsa tun daga awo har tsayarwa, domin in kika ga yadda ake yi sau ɗaya, kowace ƙofa za ki iya aunawa da kanki.

Lambar da ke jikin leda

Idan kika ga an rubuta 11 ko 12 a jikin ledar balan-balan, wannan faɗinsa ke nan da inci idan aka hura shi har iyakarsa. Mu masu wannan aiki ba ma kai shi can. Mai inci 11 muna tsayar da shi a inci 9, wato kusan santimita 23. Tazarar inci biyu kamar ba wani abu ba ce, amma a inci 9 iskar da ke ciki ta ɗan haura rabin wadda zai ɗauka a inci 11 ne kawai. Robar ba ta miƙe ta yi siriri ba, launin ya fi fitowa, kuma yaro zai iya matsa shi da hannu ya lotsa ya dawo bai fashe ba.

Akwai kuma batun zafi. Iska tana kumbura in ta ɗumama. Balan-balan da aka hura a ɗaki mai sanyin digiri 20 aka fito da shi inda ake digiri 35, iskar cikinsa za ta ƙaru da kusan kashi 5 cikin ɗari, ga rana tana tausasa robar. Wanda aka bari a inci 9 yana da wurin da zai karɓi wannan ƙarin. Wanda aka cika maƙil ba shi da shi, shi ya sa za ki ji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya taɓa su. Masu duhun launi, baƙi da shuɗi mai duhu da ja, su ne kan gaba, don sun fi shan zafin rana.

Ido yana gane wanda aka cika. Ki dubi wuyansa, wajen da ake ƙullewa. In wuyan ya kumbura ya zama kamar ƙwan fitila, ya wuce ƙima. Wanda ake so shi ne wanda ya yi zagaye, wuyan yana nan sake da tsawonsa. Dabarar da nake yi ita ce in hura shi ya ɗan wuce girman da nake so, sai in riƙe wuyan, in danna saman a ƙirjina ko a kan tebur mai santsi ina sakin iska kaɗan-kaɗan. Robar da ta riga ta miƙe ta dawo ta fi yin zagaye, ta fi jure matsi.

Ido dai ba ya iya daidaita guda ɗari su zo girma ɗaya, kuma a nan ne mafi yawan bakan gida ke lalacewa. Ki samu kwali mai kauri, ki zana da'ira mai faɗin santimita 23, ki yanke ta da reza, ki liƙa salatif a bakin ramin don kada kaifin kwalin ya karce robar. Duk wanda aka hura, a rage masa iska har sai ya ratsa ramin yana ɗan gogar gefe, sannan a ƙulle. In babu kwali, kujeru biyu a jera su baya da baya da tazarar santimita 23 sun wadatar. Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, bakan gungu-gungu ne, kowane gungu yana zaune a cikin ramukan na ƙasansa. Guda ɗaya in ya fi sauran girma, zai ɗaga gefensa, na samansa ya bi karkatar, bayan gungu biyar ko shida layin launukan ya watse, giɓi ya buɗe ana hango bututun da aka jera su a jikinsa.

Awo da lissafi

Ki fara da wurin da mutane za su bi, ba girman bakan ba. Mu ce kina son mashiga mai faɗin mita 2 da tsayin mita 2.1, yadda babba zai wuce riƙe da hannun yaro ba tare da ya sunkuya ba. Gungu mai balan-balan huɗu na santimita 23 kaurinsa ya kai rabin mita, bututu kuma ta tsakiyarsa yake bi. Ke nan kowane gefe zai cinye kusan santimita 25 daga cikin mashigar. Saboda haka ƙafafun bututun sai su yi nisan mita 2.5 da juna, ƙololuwarsa kuma ta kai kusan mita 2.4. Mutane da yawa suna mantawa da wannan kaurin, sai a gama aiki a tarar da ƙofar ta tsuke, kowa ya zo wucewa sai ya goga.

Tsawon bakan kansa akwai ƙa'idar da masu sana'ar suke bi. In faɗi ya fi tsayi sosai, ki haɗa faɗi da tsayi. In sun yi kusan daidai, ki ninka tsayi sau ɗaya da rabi ki ƙara faɗi. In tsayi ya fi faɗi sosai, ki ninka tsayi sau biyu ki ƙara faɗi. Namu 2.4 ne da 2.5, kusan ɗaya ke nan. Tsayi sau ɗaya da rabi ya ba da 3.6, a ƙara 2.5, ya zama mita 6.1. In lissafin bai kwanta miki ba, ki shimfiɗa igiya a ƙasa ki lanƙwasa ta yadda kike son bakan ya kasance, sannan ki auna igiyar. Zai zo kusa da haka.

Yanzu adadi. Ki raba tsawon bakan da faɗin balan-balan ɗaya, ki ninka da 4.8. Santimita 610 a raba da 23 ya ba da 26 da rabi, sau 4.8 ya kama 127. A cike shi ya zama 128, wato gungu 32. Za ki ce me ya sa ba sau huɗu ba, tunda huɗu ne a gungu? Saboda gungunan suna shiga cikin juna, kowanne santimita 19 kawai yake ci a jikin bututun, ba 23 ba. Ki ƙara na ko-ta-kwana, domin a kowace leda akwai masu huda da waɗanda za su fashe a hannu. Ki sayi 150.

In kina son launukan su murɗe suna hawa, ki zaɓi launi biyu ko huɗu, kuma kowane gungu a jera launukansa iri ɗaya da na baya. Da launi huɗu, kowanne 32 ne, sai ki sayi kamar 38 na kowane launi. Ki yi ƙoƙari su zama na kamfani ɗaya. Na kamfanoni daban ko lambarsu ɗaya ce siffarsu takan bambanta, wani dogo wani zagaye, kuma kwalin awo faɗi kawai yake daidaitawa.

Iskar da za a hura

Iskar famfo ta yau da kullum za ki yi amfani da ita. Hiliyom ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna tsiyaya ta jikin robar ko da ƙullin ya yi kyau. Mai inci 11 da aka cika da shi yakan fara saukowa tsakanin rabin yini zuwa yini guda, kuma abin da yake iya ɗagawa bai wuce giram goma ba. Wanda aka hura da iskar famfo kuwa zai yi kwanaki a cikin ɗaki yana nan da ƙarfinsa. Bakan hiliyom yana da wurinsa, kamar layi ɗaya siriri da ake ratayawa a kan zaren fatsa a babban zaure mai dogon rufi, amma dole a hura shi ranar taron, kuma da an buɗe ƙofa iska ta shigo zai kwanta gefe. A wurin yara ban ga amfaninsa ba, balle ma akwai masu son zuƙarsa don muryarsu ta canza, abin da kan iya sumar da mutum.

Guda 128 ba aikin baki ba ne. Banda gajiya, numfashi yana shigar da danshi ciki. Ki nemi famfon lantarki mai baki biyu, wanda ke hura biyu lokaci ɗaya cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Famfon hannu ma yana yi, sai dai ki ware masa lokaci da mataimaki. Abin da ke cin lokaci da fatar yatsa shi ne ƙulli, shi ya sa ba ma ƙulle kowanne shi kaɗai. Ki riƙe biyu da aka auna, ki gitta wuyansu, ki nannaɗe sau biyu, ki ƙulle su da juna ƙulli ɗaya. Biyu sun zama tagwaye ke nan. Sai ki ɗora tagwaye a kan tagwaye a gicciye, ki murɗa ɗaya daga nan da ɗaya daga can sau biyu, gungu mai huɗu ya fito. Mutum biyu, ɗaya yana hurawa yana aunawa, ɗaya yana ƙullewa, za su gama cikin awa biyu ko ƙasa da haka.

Ki yi wannan da yammacin jajiberin taron, ki zuba gungunan a manyan ledoji masu tsabta ki ɗaure baki. Ledar tana kare su daga ƙura da kuma dusashewar da iska da haske ke sa wa roba, wadda ke mayar da sheƙinta kamar an barbaɗa mata gari. Wani amfanin kuma, duk mai ƙaramar huda zai nuna kansa kafin safiya, ki canza shi a ƙasa, ba sai yana ƙololuwar baka ba. Kada a bar ledojin cikin mota a rufe a rana.

Abin da ke riƙe bakan

Balan-balan 128 duka nauyinsu bai kai rabin kilo ba, don haka ba nauyinsu ne matsalar ba. Matsalar ita ce faɗinsu, wanda iska ke turawa, da hannun yara da ke ja. Ƙashin bayan da na fi amincewa da shi ga mai yi a gida shi ne bututun roba mai kaurin milimita 20, irin wanda masu wayarin suke zura waya a ciki. Yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, kuma yawanci mita uku-uku yake zuwa, biyu sun ba ki mita 6 ke nan. Amma kada ki haɗa biyun kai tsaye, domin mahaɗar za ta faɗo daidai ƙololuwa, inda lanƙwasar ta fi tsanani, sai wajen ya yi tsini ko ya ɓalle. Ki raba ɗaya gida biyu, mita ɗaya da rabi kowanne, su zama ƙafafu, cikakken ya zauna a tsakiya. Kowace mahaɗa ki naɗe ta da tef mai ƙarfi, wanda zai riƙe ta ya kuma rufe kaifin da zai iya huda roba.

Gindi kuwa, bokiti biyu masu cin lita goma. A kowanne ki tsayar da guntun rodi mai milimita 12 a tsakiya, ya leƙo sama da kamar santimita 60, ki zuba kwaɓin siminti ki bar shi ya yi kwana biyu. Kowanne zai haura kilo 20. Bututun sai ya zura a kan rodin kawai. In babu lokacin siminti, a cikin ɗaki yashi ma yana yi, bokiti ɗaya kusan kilo 15, sai dai rodin yakan yi motsi a cikinsa, don haka ki fara kafa shi a guntun katako a ƙasan bokitin kafin ki zuba yashin. A fili mai ƙasa, rodin kawai za ki buga ya nitse rabin mita. Ki tuna cewa bututun da aka lanƙwasa kullum yana neman miƙewa, yana tura ƙafafunsa waje. Gindi marar nauyi a kan tayil zai riƙa zamewa a hankali, bakan yana buɗewa yana gajarta, har sai ya kwanta. In kika ga tsayin ya ragu bayan awa ɗaya, ki duba tazarar bokitan.

Wajen jerawa, ki buɗe tsakanin balan-balan biyu na gungu, ki tura shi jikin bututun har bututun ya shige tsakiya, sai ki musanya waɗannan biyun da juna su rufe a kansa. Gungu na biyu ya zauna a cikin ramukan na farko, ba kai a kan kai ba, kuma kullum gefe ɗaya ake juyawa. In kika juya wannan dama wancan hagu, murɗin launin zai karye. Ki fara daga ƙafafu biyun ki haɗu a sama, kina danna kowane gungu ƙasa da tafin hannu. Na farko ya zauna a bakin bokitin, bokitin kuma ki lulluɓe shi da yadi. Ga gwajin da nake yi kafin in bar wurin: in tura bakan daga tsayin ƙirji da hannu ɗaya. In ya yi lilo ya dawo, lafiya. In bokiti ya ɗaga ko ya ja, a ƙara nauyi.

Bangon hoto

Wannan ya fi bakan haɗari, domin yadi ne shimfiɗaɗɗe da ke tare iska gaba ɗaya, ga yara tsaye a gabansa. Faɗin mita 2 zuwa 2.4 da tsayin mita 2 ya isa yara huɗu ko biyar da babba ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne ki jingina shi da bango na gaske, ki rataya yadin a sanda ko ƙugiyoyin manne, ba ruwanki da batun faɗuwa. In dole sai ya tsaya da ƙafarsa, ga abin da za ki sani. Yadi mai mita 2 tsayi da faɗi, iska mai gudun kilomita 18 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa ƙananan rassa ba, tana tura shi da ƙarfin kusan kilo 7. Turin a tsayin mita ɗaya yake taruwa, ƙafafun sandar kuwa galibi santimita 30 kawai suke fitowa gaba da baya, saboda haka sai an ɗora kusan kilo 24 a gindi kafin ya tsaya. In gudun iskar ya ninka sau biyu, turin sau huɗu yake ninkawa, nauyin da ake buƙata ya doshi kilo ɗari. A nan buhun yashi ya daina aiki. Ni in na ga irin wannan iskar ba na kafa bango a fili, ciki nake mayar da shi ko in ɗaure shi a jikin gini, kuma ke ma abin da zan ce ki yi ke nan.

Yadin ya zama marar sheƙi, launi ɗaya mai sauƙi, a goge shi, a ja shi da maƙalai ta baya har ya miƙe. Mai ƙyalli yana mayar da hasken waya ya yi fari fat a hoto. Haske ya zo daga bayan mai ɗaukar hoto, kada taga ta kasance a bayan yadin, in ba haka ba fuskokin yara za su yi duhu. Ki liƙa tef a ƙasa kamar mita ɗaya daga bangon, ki ce su tsaya a kai. Wannan tazarar tana hana inuwarsu faɗawa kan yadin, tana kuma hana su jingina.

Adon da ake yi masa ba sai ya zagaye shi duka ba. Ki bi saman, ki gangaro gefe ɗaya, kamar mita uku da rabi gaba ɗaya. A nan dokar daidaita girma ta juye, bambancin ne ma adon. Ki hura masu inci 11 wasu a inci 7, wasu 8, wasu 9, ki jera su a jikin tsirin roba mai ramuka da ake sayarwa don wannan aiki, ko ki ɗaure gungu-gungu a zaren fatsa. Ina lissafa 20 zuwa 25 a kowace mita, kusan 80 ke nan. Sai ƙanana masu inci 5 kamar 40, a hura su inci 3 ko 4, a ƙulle su uku-uku a cike giɓi da su. Wajen ɗaure adon a jikin sanda, dogayen balan-balan sirara da aka rubuta 260 a ledarsu, ba tare da an hura su ba, sun fi zare, don suna miƙewa kuma ba sa yanka robar. Ki tsayar da adon a tsayin ƙugun babba. Duk abin da ya sauko ƙasa da haka ƙananan yara za su cire shi kafin hoto na uku.

Yara da guntun roba

Balan-balan da ba a hura ba, da guntun wanda ya fashe, suna iya toshe maƙogwaron yaro, kuma saboda robar tana mannewa tana da wuyar fitarwa. Gargaɗin da ake bugawa a jikin leda yara 'yan ƙasa da shekara takwas yake ambata. Ki sa babba ɗaya ya zama aikinsa ke nan, duk wanda ya fashe ya tsince guntayen nan take, ragowar ledar kuma ta kasance inda hannu ba ya kai. Ki tambayi iyaye tun da wuri ko akwai yaron da jikinsa ba ya jituwa da robar, mai yin ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi in ya taɓa ta. In akwai, a yi wajen hoton da masu ƙyalli na leda ko adon takarda. Abu ɗaya da mutane ba sa zato: man da ke jikin ɓawon lemu yana narkar da robar, yaron da ya ɓare lemu ya taɓa balan-balan zai iya fasa shi nan take.

Wajen kwancewa, kada ki bar yara su yi wasan faffasawa. Ki jira su tafi, ki riƙa tsinke kowanne da almakashi kusa da ƙulli, iskar ta fita a hankali, robar ta tsaya guntu ɗaya, ki zuba kai tsaye a leda. Da zarar kin zare bututun daga rodi, ki kifa wani bokitin a kansa ko ki kawar da shi, kada ya zauna tsirara a tsayin fuskar yaro.